Burauza ta saka imel da lambar wata Aisha daban a fom ɗin ƙanwata, ban gani ba sai bayan sati uku

Baban Khalil: Assalamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara kuma ina so wasu su kiyaye. Watan da ya wuce na je wani kafe a unguwarmu don cike wa ƙanwata Aisha fom ɗin neman makaranta, ni da kaina na zauna a kan kwamfutar saboda yaron kafen aiki ya masa yawa. Na fara rubuta A i s a wajen First Name sai wani ɗan akwati ya faɗo ƙasa da sunan Aisha, na ce to ya rage min aiki na danna. Na lura Surname ya cika da wani suna da ba namu ba, na goge na sa na babanmu na ci gaba, na sa hoto, na biya kuɗi, na danna Submit aka buga mana silif. Silif ɗin suna da hoto da lambar rajista ne kawai a jiki. Sati uku shiru ba saƙo, ƙawayenta duk an turo musu ranar tantancewa ita ko ɗaya. Jiya na je in shiga shafin na danna Forgot password sai ya ce an tura lamba zuwa wani imel da aka rufe tsakiyarsa da taurari, ƙarshensa kuma ba namu ba ne ko kusa. Wallahi ban taɓa rubuta wannan imel ɗin ba. Ta ina ya shigo?

Sani Waya: Wa alaikumussalam. Oga an yi maka kutse ne kawai, masu kafen nan wasu suna saka manhajar da ke satar abin da mutum ya rubuta. Ka koma wajen ka tayar da hankali.

Injiniya Mubarak: Sani a yi a hankali, kar a ɗora wa bawan Allah laifin da bai yi ba. Baban Khalil ka riga ka faɗi amsar a cikin labarinka, wato lokacin da Surname ya cika da kansa. Wannan Aishar da ta faɗo maka ba kalma ɗaya ba ce, wata Aisha ce da aka taɓa cike wa fom a kan kwamfutar, da aka gama Chrome ya tambaya ko a adana bayanan wani ya danna Save. Daga nan ya ɗaure sunanta da imel ɗinta da lambar wayarta da adireshinta a ƙunshi guda. Kai da ka danna sunan, ƙunshin gaba ɗaya ka kira, ya zazzage shi a duk gurbin da ya ga kamar ya dace har waɗanda ke can ƙasan shafi da idonka bai kai ba tukuna. Ka gyara wanda ka gani, sauran suka zauna abinsu.

Baban Khalil: Amma Injiniya ai na gangara ƙasan, na tuna na zaɓi irin takardar shaidar da take da ita. Ya aka yi ban ga imel ɗin ba?

Injiniya Mubarak: Ka gan shi, ba ka karanta ba ne, kuma kowa haka yake yi. Mai cike fom ido yana neman wajen da ba komai ne, gurbin da ya riga ya cika tsallake shi ake yi. Shafin ma haka, idan ka bar gurbi fanko zai yi maka ja ya hana ka wucewa, amma imel ɗin wata ai imel ne lafiyayye, yana da @ yana da .com, lambarta kuma 11 ce cif, to me shafin zai kama? Alama ɗaya ce dama ake da ita: duk gurbin da Chrome ya cika da kansa yakan sauya launi ya yi shuɗi-shuɗi mai haske, a Firefox rawaya-rawaya. Sai dai wasu masu gina shafi suna rufe wannan launin don kar ya ɓata musu kwalliya, kuma a tsohon allo na kafe da hasken rana ke dukansa ko yana nan da wuya ka bambance.

Maman Ilham: Ni nawa ya fi wannan ban haushi kuma a wayata ne ba kafe ba. An ce in sa NIN a wani fom na tallafi, na taɓa wajen sai lamba ta fito a saman kibod na danna, ashe BVN ɗina ce. Fom ɗin ya karɓa bai ce komai ba, sai daga baya aka ce bayanaina ba su dace ba. Shi ma wannan ƙunshin ne?

Injiniya Mubarak: A'a Maman Ilham, naki wani ne daban, kuma gara da kika kawo shi don mutane suna haɗa su. Ban da ƙunshin adireshi, burauza tana da wani tarihi na abin da kika taɓa rubutawa a gurbi ɗaya ɗaya. Kowane gurbi yana da sunan da mai shafin ya ba shi a ɓoye, wanda ke ba kya gani. Idan wani shafi ya kira gurbin BVN ɗinsa `id_number`, wani shafin daban kuma ya kira gurbin NIN ɗinsa `id_number`, a wajen burauza abu ɗaya ne, sai ta miƙo miki abin da kika sa a na farkon. Kuma zai iya zama kibod ɗin ne ma ya miƙo miki abin da kika kwafa kwanan nan, tunda kin ce a saman kibod ya fito. Abin da ya sa ya fi cizo a Najeriya shi ne NIN lamba 11 ce, BVN 11, lambar waya ma 11, shafin da ke ƙirga yawan lambobi kawai duk ukun zai haɗiye. Lambar akawun ce kaɗai ta fita da 10. Wannan bai cika shafi gaba ɗaya, gurbi ɗaya yake ɓatawa, amma ke kika danna da hannunki shi ya sa ba kya zarginsa.

Maman Ilham: To ni dai ban haddace ko ɗaya ba, duk lambar da ta fara da 2 sai in ga kamar ita ce. Yanzu kenan BVN ɗina tana hannun mutanen da ban yi niyyar ba su ba?

Injiniya Mubarak: Tana cikin ajiyarsu, eh. Da ita kaɗai ba a cire kuɗi a akawun, amma ki sa ido, duk wanda ya kira ya karanto miki ita ya ce daga banki yake ki ba shi lambar da aka turo miki, ki kashe wayar.

Sani Waya: To tunda haka ne ai magani ɗaya ne, a kashe otofil ɗin, wato wannan cike gurbi da burauza ke yi da kanta, duka a huta. Ni duk wayar da aka kawo min gyara sai na kashe mata shi. Ko kuma mutum ya buɗe Incognito shi kenan babu abin da zai fito.

Zee Kwamfuta: Sani maganar Incognito ba haka take ba, na gwada a laftof ɗina yanzu kafin in rubuta. A Chrome in ka buɗe Incognito ba ya adana sabon abin da ka rubuta, amma adireshi da kalmar sirri da aka riga aka adana suna nan suna fitowa. Da Baban Khalil a Incognito yake wannan Aishar za ta faɗo masa duk da haka. Abin da ke zuwa fanko shi ne Guest, ka danna ɗan hoton da ke sama ta dama ka zaɓi Guest, wannan ba ya ganin komai na mai kwamfutar kuma da ka rufe tagar ya share naka.

Oga Nura mai kafe: Ni mai kafe ne shekara da shekaru, kuma gaskiya labarin nan ya taɓa ni don na san yadda abin ke faruwa. Lokacin rajista mutum talatin arba'in a rana a kan kwamfuta uku, yaro yana sauri duk abin da ya fito masa a allo Save yake dannawa don ya kauce masa. Na taɓa buɗe wajen adireshin a kwamfuta ɗaya na tarar da jerin mutane ba iyaka, sunayensu da lambobinsu, Aisha kaɗai ta fi biyar. Tun daga nan na kashe. Ga masu kafe, ku rubuta wannan a sama wajen adireshin shafi:

```
chrome://settings/addresses
chrome://settings/payments
```

ku goge duk wanda ke ciki ɗaya bayan ɗaya sannan ku kashe makunnin da ke sama. Kashewa kaɗai ba ta goge tsofaffin ba, suna nan kwance duk ranar da wani ya kunna su dawo. Amma fa ni ban yarda laifin mai kafe ne shi kaɗai ba, wanda ya zauna da kansa ya danna Submit ai shi ya kamata ya karanta.

Baban Khalil: Oga Nura ban musa ba, ina da nawa laifin. Amma ita waccan yarinyar fa, bayananta suna zaune a kwamfutar da kowa ke hawa, yanzu kuma saƙonnin ƙanwata suna shiga wayarta, ita ma an zalunce ta. Wannan ba ni na jawo ba.

Oga Nura mai kafe: Wannan kam gaskiya ne, na karɓa.

Zee Kwamfuta: Bari in ƙara ta ɓangaren masu gina shafi don ni aikina kenan, kuma rabin matsalar daga wajenmu take. Burauza ba ta karanta fom kamar mutum, hasashe take yi daga rubutun da ke gefen gurbi da sunan ɓoyen da Injiniya ya faɗa. Akwai hanyar da za mu gaya mata kai tsaye meye kowane gurbi:

```html
<input name="sname" autocomplete="family-name">
<input name="fname" autocomplete="given-name">
<input name="phone" autocomplete="tel">
```

amma shafuka da yawa ba sa sawa, sai ta koma hasashe. A nan sunayenmu ke shan wahala. Mutum ya adana sunansa a jere guda, nasa da na mahaifinsa da na garinsu, burauza ta yanka uku ta ce na farko First, na tsakiya Middle, na ƙarshe Last. To shi a takardunsa sunan mahaifin ne Surname, sunan garin ma babu shi a katin ɗan ƙasa. Duk fom ɗin da ya bari ta cika masa sai sunan gari ya hau Surname, ranar da aka zo haɗa takardu a ce suna bai yi daidai da NIN ba a tura shi yin rantsuwa a kotu. Mafi muni kuma fom mai wajen Next of Kin ko Guarantor, shi ma yana da suna da waya da adireshi, idan mai shafin bai raba su da kyau ba sai ta zuba bayananka a can ma, ka zama kai ne magajin kanka.

Abban Minna: Zee ni abin da ya same ni da State ne. Ina jihar Neja, na cika wani fom na waje da otofil, da takardar ta fito sai na ga Country an sa Niger. Na rantse Nigeria na sani.

Zee Kwamfuta: Ban ga shafin ba don haka ba zan yanke ba, zai iya zama gurbin ne aka yi wa suna mai ruɗarwa irin `region` ta ɗauka jiha ake tambaya ta nemo Niger a jerin ta samu, zai iya zama kuma yatsanka ne don Niger da Nigeria suna manne a jerin. Wanda na tabbatar yana faruwa shi ne na ƙaramar hukuma. Yawancin fom ɗinmu sai ka zaɓi jiha sannan shafin ya je ya ɗauko jerin ƙananan hukumominta. Burauza ta sa Kano cikin ƙiftawar ido, jerin guda 44 ya iso daga baya, in mai shafin bai sa layin Select a sama ba sai ya tsaya a kan na farko wato Ajingi. Kai ɗan Gwale ne fom ya tafi da Ajingi kuma ba wanda ya taɓa wajen. Wani lokacin ma jerin ba ya zuwa sam, sai ka sauya jihar da hannu ka dawo da ita.

Issoufou Maradi: Salamu alaikum, mu nan Nijar lambarmu 8 ce, kuma shafuka da yawa sun riga sun sa +227 a gefe. Tawa na adana ta da +227 a gaba, otofil ya zuba ta duka a gurbin sai ta zama 227 sau biyu, saƙon tabbatarwa bai taɓa zuwa ba ina ta zagin rezo. Da na goge na rubuta 8 ɗin kawai nan take ya shigo.

Injiniya Mubarak: Malam Issoufou mu ma haka da +234 da sifirin farko. Duk gurbin waya da aka cika maka ka ƙirga lambobin da yatsa.

Sani, in dawo kan maganarka ta a kashe duka, rabi na yarda. Adireshi da katin banki a kwamfutar da ba taka kai kaɗai ba, kashe. Amma kalmar sirri ni ban ba da shawarar kashewa a wayar mutum ta kansa ba, don tana da wani amfani da mutane ba su lura da shi ba. Burauza tana ɗaure kalmar sirri da ainihin adireshin shafin da aka adana ta. In an turo maka shafin bogi mai kama da na bankinka sak, harafi ɗaya aka sauya a adireshin, kai idonka zai ruɗu amma ita ba za ta miƙo komai ba. Wannan shirun nata gargaɗi ne. Wanda ka kashe masa kuma da hannu zai rubuta a duk inda aka nuna masa, kuma ƙarshe kalma ɗaya zai riƙa sawa ko'ina don ita ya iya riƙewa.

Sani Waya: Injiniya kana magana ne kamar kowa wayarsa tasa ce shi kaɗai. Zo shagona ka gani, waya ɗaya uwa da 'ya'ya huɗu, ba kulle ba komai, ko kuma kowa ya san kullen. Yaro ya buɗe ya tarar an cika masa komai. Ni dai zan ci gaba da kashewa.

Injiniya Mubarak: A irin wannan gidan ba zan yi maka musu sosai ba. Akwai sitin da ke sa ta nemi yatsa ko kullen allo kafin ta cika kalmar sirri ko kati, amma in kowa ya san kullen ya zama banza.

Maman Ilham: Ni abin da ke damuna tunda kuka ce tana cika wajen da ido bai kai ba, to mugu ba zai iya ɓoye gurbi da gangan ba?

Zee Kwamfuta: An yi kuwa. A watan Janairun 2017 wani mai gina shafi ɗan ƙasar Finland, Viljami Kuosmanen, ya fitar da shafin gwaji da ke nuna gurbi biyu kawai, suna da imel. A bayan fage akwai na waya da adireshi da sauransu, ya tura su can gefe wajen allo. Ka zaɓi sunanka daga otofil a Chrome sai duk su cika su tafi tare. Dabarar ba ta wuce irin wannan ba:

```html
<input name="name">
<p style="margin-left:-500px"><input name="phone"></p>
```

A ƙarshen shekarar kuma masu bincike a jami'ar Princeton suka gano wasu kamfanonin talla suna dasa fom ɗin shiga marar ganuwa a shafuka sama da 1,000, burauza ta cika imel ɗin da aka adana su kwashe don bin sawun mutum. Masu burauza sun yi ta toshe irin waɗannan ƙofofin tun lokacin, amma hanyoyin ɓoye gurbi suna da yawa, ni dai ba na dogara da cewa an gama. Shafin da aka turo a guruf aka ce cika ka samu kyautar data ko tallafi, in har zan cika to da hannu zan rubuta, ko akwatin ya faɗo ba na taɓa shi.

Hajiya Binta: Ku yi haƙuri ni ban gane ba, wannan ne yake sa in na rubuta kalmar Hausa waya ta mayar min da ita Turanci? Ya ishe ni wallahi.

Zee Kwamfuta: A'a Hajiya wannan gyaran kalma ne na kibod, ki shiga sitin ɗin kibod ki kashe Auto-correction. Amma shi ma yana ɓata suna a fom, ki riƙa dubawa.

Akwai wani guda da ya taɓa cin mu a wajen aiki, masu kula da rajistar ma'aikata ko ɗalibai su ji. Shafin gyara bayanan mutum yana da gurbin waya, ƙarƙashinsa gurbin sabuwar kalmar sirri. Burauza in ta ga gurbin kalmar sirri sai ta ɗauka wanda ke samansa sunan shiga ne, kuma wannan tana iya cikawa da buɗe shafi ba sai an danna komai ba. Ma'aikaciyarmu ta buɗe bayanan wani da bai da lambar waya don ta gyara masa harafi ɗaya a suna, burauza ta sa sunan shigarta a wajen wayar ta sa kalmar sirrinta a ƙasa, ta danna Save. Washegari mutumin ya kasa shiga, kuma kalmar sirrinsa ta zama irin ta mai kula da shafin gaba ɗaya. Mun ɗauka `autocomplete="off"` zai hana, ashe burauza da yawa suna yin biris da shi a wajen kalmar sirri. Abin da ya yi mana aiki shi ne `autocomplete="new-password"`.

Baban Khalil: Na gode ƙwarai, na fahimci yadda aka yi. Yanzu ya zan yi da fom ɗin Aisha? Tantancewa saura kwana shida.

Injiniya Mubarak: Kar ka sake sayen wani fom tukuna, wasu wuraren rajista biyu da suna ɗaya tana jawo a soke duka. Gobe da safe ka ɗauki silif da rasit ɗin biya da katin NIN ɗinta, ka tafi da ita kanta ofishin da ke kula da shafin, ku nemi a sauya imel da waya. Kuma ka ce su buɗe maka fom ɗin gaba ɗaya ka karanta layi layi, don ina zargin jiha da adireshi ma na waccan ne, ƙila har wajen Next of Kin. Kafin nan ka biya ta kafen, in ƙunshin yana nan a chrome://settings/addresses za a ga lambar yarinyar, mai kafen ya kira ta da kansa ya roƙe ta ta duba ko saƙon ranar tantancewa ya shigo mata, sannan ya goge.

Oga Nura mai kafe: In mutumin kirki ne zai kira. Amma in ofishin suka ce sai an biya kuɗin gyara wa zai biya, nan ne za a yi ta.

Sani Waya: Mai kafe mana.

Oga Nura mai kafe: Ko kuɗin zama na awa ɗaya da ya karɓa bai kai ba, a raba biyu dai.

Baban Khalil: Na dawo daga kafen yanzu. Ƙunshin yana nan, mutum 60 da wani abu muka ƙirga a kwamfutar. Ya kira yarinyar ta ɗauka, ta ce saƙo biyu sun shigo mata tun makon jiya ta ɗauka 'yan damfara ne ta goge na waya, amma na imel yana nan ta turo mana, ranar Talata ne ƙarfe 9. A jikin saƙon jihar da aka sa Jigawa ce mu kuma 'yan Kano ne, don haka gobe sai ofis. Maganar kuɗin gyara ba mu yi ta ba tukuna.